Kuskuren da ya dace da labarin ma'aikaciyar jinya mai bincike

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina rubuta gajeren labari a kan wata matashiyar ma'aikaciyar jinya da ta gano kuskure a cikin bayanan bincikenta saura kwana biyar ta miƙa kundinta. Ni ban taɓa yin irin wannan bincike ba. Wane irin kuskure ne masana za su yarda yana faruwa, ta yaya za ta gano shi, kuma me za ta yi bayan ta gano?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Na daɗe ina duba kundayen ɗaliban aikin jinya, kuma na sha zama da waɗanda lissafinsu ya rushe ana dab da ranar miƙawa, saboda haka zan ba ki kuskure guda ɗaya wanda nake ganin ya fi dacewa da labarinki, in bi miki shi daki-daki, maimakon in jero miki kurakurai goma da ba za ki iya gina komai a kansu ba.

Zan fara da wanda ba na so ki ɗauka, domin shi ne yake fara zuwa a zuciyar yawancin marubuta, wato lamba guda da aka shigar ba daidai ba. Masu bincike sukan rubuta 999 a gurbin awon da ba a samu ba, kuma idan aka manta ba a gaya wa manhajar lissafi cewa wannan lamba alamar gurbi ce ba, sai ta ɗauke ta a matsayin awo na gaske. Wannan yana faruwa ƙwarai, amma ba ya ɓoyuwa. Idan mutum 59 matsakaicin awon hawan jininsu 146 ne, aka ƙara musu mutum ɗaya mai 999, matsakaicin zai yi tsalle zuwa 160, bambancin da ke tsakanin awon mutanen kuma zai yi faɗin da duk malamin da ya kalli jadawalin zai tsaya ya yi tambaya tun a makon farko. Gyaransa ma na minti biyu ne, kuma ba ya jefa kowa cikin tsaka mai wuya. Labari yana buƙatar kuskuren da zai iya zama wata uku a gaban idon mutane masu hankali ba tare da ya nuna kansa ba, wanda kuma gyara shi zai ci wa yarinyar wani abu da take ƙauna.

Kuskuren da ya cika waɗannan sharuɗɗa shi ne juyewar sunayen rukuni. A binciken da ake kwatanta rukuni biyu na majinyata, ana ba kowane rukuni lamba, sannan a liƙa wa lambar suna a cikin kwamfuta. Idan aka liƙa sunayen a juye, kowace lamba da ke cikin jadawali za ta kasance ta gaskiya, babu awon da aka ƙirƙira ko aka zubar, amma sakamakon kowane rukuni zai fito a ƙarƙashin sunan ɗan'uwansa. Kada ki ji tsoron a ce kin ƙirƙiro abin da ba ya faruwa. A watan Nuwamba na 2018 mujallar JAMA, wadda ke cikin manyan mujallun likitanci na duniya, ta buga binciken da Hanan Aboumatar da abokan aikinta na jami'ar Johns Hopkins suka yi a kan majinyata 240 masu daɗaɗɗen ciwon toshewar hanyoyin huhu. Shiri ne na wata uku wanda ma'aikatan jinya suke taimaka wa majinyata su kula da kansu bayan an sallame su, kuma rahoton farko ya ce shirin ya rage komawa asibiti. Daga baya marubutan da kansu suka gano cewa an juya lambobin rukunan biyu a wajen shirya fayil ɗin lissafi, suka sanar da mujallar, a watan Oktoba na 2019 aka janye takardar aka sake buga gyararriya, wadda ta nuna cewa waɗanda suka shiga shirin su ne suka fi komawa asibiti. Idan har hakan ya wuce ta gaban ƙwararrun masana lissafi da masu tace mujalla, babu mai karatun da zai zargi ɗalibarki da wauta.

Ga yadda zan gina mata binciken, kuma lambobin da zan kawo na misali ne, kina iya sauya su muddin kika kiyaye lissafinsu. Ta ɗauki masu ciwon sukari 120 da aka sallama daga ɗakin da take aiki. Aka raba su ta hanyar ƙuri'a, 62 suka faɗa rukunin da ita da kanta za ta koya wa kula da ƙafa, wato duba tafin ƙafa kullum, gane alamun miki da kumburi da canjin launi, da sanin lokacin da ya kamata a garzayo asibiti, 58 kuma suka tafi da shawarar da aka saba bayarwa a lokacin sallama. Abin da take ƙirgawa shi ne mutum nawa suka dawo asibiti cikin kwana 90. A fom ɗin takarda ta rubuta 1 ga wanda aka horar, 2 ga wanda ba a horar ba. Da ta zo lissafi a manhajar lissafi ta SPSS, sai aka ba ta shawarar ta mayar da lambobin su zama 0 da 1, domin haka ake yawan yi a wasu nau'o'in lissafi, ta rubuta wannan:

```
RECODE rukuni (1=0) (2=1) INTO horo.
VALUE LABELS horo 0 'Babu horo' 1 'An horar'.
```

Ki dubi layukan biyu da kyau, domin a nan labarinki gaba ɗaya yake kwance. Layin farko ya bi abin da hankali ya saba da shi, ƙaramar lamba ta zama 0, babba ta zama 1. Layi na biyu ma ya bi al'adar lissafi, inda 0 ke nufin babu, 1 ke nufin akwai. Kowannensu in aka karanta shi shi kaɗai daidai yake, sai an haɗa su da fom ɗin takarda ne za a ga cewa mutanen da ta horar sun koma ƙarƙashin 'Babu horo'. Manhajar ba za ta yi ƙorafi ba, domin ba ta san wanda ya zauna a gaban yarinyar ya cire takalmi ba.

Jadawalin da ya fito mata ya ce a cikin waɗanda aka horar mutum 11 ne suka dawo daga 58, wato kashi 19 cikin ɗari, a cikin waɗanda ba a horar ba kuwa 24 daga 62, kusan kashi 39 cikin ɗari. Gwajin da ake yi wa irin wannan jadawali zai ba ta `p` kimanin 0.02, wanda ya gaza 0.05 da aka saba ɗauka a matsayin iyaka, ma'ana bambancin ya fi ƙarfin a jingina shi ga sa'a cikin sauƙi. Horonta ya rage dawowa asibiti da rabi. Wannan shi ne abin da ta yi fata, shi ne abin da malamin da ke duba aikinta ya yi tsammani, shi ne kuma abin da littattafan da ta karanta suka sa ta sa rai, kuma saboda haka ne babu wanda ya sake dubawa. Abin da na lura da shi a shekarun da na yi ina wannan aiki shi ne, ɗalibi yakan kwana uku yana tono sakamakon da bai yi masa daɗi ba, amma wanda ya yi masa daɗi ba ya ba shi ko da awa guda. Ki sa wannan a cikin labarin tun da wuri, ki nuna murnarta ranar da jadawalin ya fito, domin mai karatu ya tuna da ita daga baya.

Mai ido zai riga ya ga alamar da ke cikin jadawalin: ta horar da mutum 62, amma jadawalin ya ce 58. Wannan alama tana nan a babi na huɗu na kundin tun wata uku da suka wuce, alhali babi na uku yana ɗauke da lambar gaskiya, kuma shafuka kaɗan ne tsakaninsu. Sai dai lambobin sun yi kusa da juna, jimillarsu kuma 120 ce ta kowace fuska, shi ya sa ido yake zamewa a kansu. Ina ba ki shawarar ki ajiye wannan alama a matsayin tabbaci na biyu, ki bar ganowar farko ta zo ta hanyar da ma'aikaciyar jinya kaɗai za ta iya bi.

Hanyar ita ce sanin majinyaci. A fayil ɗin bincike ba a rubuta sunaye, lambobi ake sakawa, takardar da ta haɗa suna da lamba kuma tana kulle a wani wuri dabam, saboda haka kada ki sa ta ga suna a fuskar kwamfuta, domin duk wanda ya san aikin zai gane kin yi kuskure. Amma wadda ta yi jinyar mutum tana gane shi ba tare da suna ba. A ce da daddare tana shirya ratayen kundin, tana gangarawa cikin layukan ba da nufin neman komai ba, sai idonta ya tsaya a lamba ta 47: namiji, shekara 81, an taɓa yanke masa yatsun ƙafa biyu, ya dawo a kwana na 12. Mutum ɗaya ne mai wannan siffa a cikin 120. Tana tuna shi sarai, domin sai da ta maimaita masa darasin sau uku saboda ba ya ji sosai, ta kuma nuna wa jikarsa yadda za ta duba masa tafin ƙafa da madubi. A gaban layinsa an rubuta 'Babu horo'. Tunaninta na farko, kuma haka kowa yake yi, shi ne kuskuren layi ɗaya ne, za ta gyara ta kwanta. Sai ta nemi wata da take tunawa, mai shekara 34 da ke da juna biyu, ita ma ta same ta a rukunin da ba nata ba. A mutum na uku hannunta zai fara sanyi. Daga nan umarni guda ya ishe ta:

```
CROSSTABS /TABLES=rukuni BY horo.
```

Zai fito mata da ɗan ƙaramin jadawali mai gida huɗu, wanda ya nuna duk mutum 62 masu lamba 1 suna ƙarƙashin 'Babu horo', duk 58 masu lamba 2 kuma suna ƙarƙashin 'An horar'. Babu sauran shakka bayan wannan, kuma bai ɗauki daƙiƙa goma ba.

Akwai wani abu na fasaha da zai ƙara wa wurin nauyi idan kika yi amfani da shi. Bayan ta gyara ta sake lissafi, `p` ba zai motsa ba, yana nan a kimanin 0.02, domin gwajin yana auna girman bambanci ne, bai damu da wane suna ke kan wane rukuni ba. Ƙarfin hujjar da ta yi alfahari da shi jiya yana nan yadda yake, sai dai yanzu yana cewa kashi 39 na waɗanda ta horar sun dawo asibiti, a kan kashi 19 na waɗanda ba ta taɓa ba. Ba ta da damar ta ce hujjar tana da rauni yau alhali jiya ta kira ta mai ƙarfi.

Tsakanin wannan lokaci da lokacin da za ta buɗe baki ta gaya wa wani, nan ne zuciyar labarin, kuma ina roƙonki ki ba shi fili. Shiru shi ne jarabawar farko, kuma jarabawa ce ta gaske, domin babu wanda ya sani, masu jarraba kundi da wuya su nemi ɗanyen fayil, shafuka kuma sun riga sun kammala. Ya kamata ki san inda iyakar take a wurin masu bincike. Kuskuren da aka yi ba da gangan ba ba laifin ha'inci ba ne, har ma ƙa'idar gwamnatin Amurka da ta fayyace ha'incin bincike a matsayin ƙirƙirar bayanai, jirkita su, ko satar aikin wani, ta fito fili ta ware kuskure na gaskiya daga ciki. Saboda haka duk watannin ukun da suka wuce yarinyar ba ta da laifin da ya wuce rashin sake dubawa. Amma daga daƙiƙar da ta ga jadawalin nan mai gida huɗu, idan ta miƙa kundin yadda yake, ta miƙa abin da ta san ƙarya ne.

Jarabawa ta biyu ta fi ta farko laushi, kuma ita ce na fi gani a zahiri, domin mai yin ta yana jin kamar yana gyara ne. Za ta gyara sunayen, sannan ta fara neman hanyar rage zafin sakamakon. Za ta ce bari ta cire waɗanda suka dawo saboda abin da bai shafi ƙafa ba, ko ta rage kwana 90 zuwa 30, ko ta ajiye batun dawowa asibiti ta ɗauko makin sanin kula da ƙafa ta mayar da shi babban abin da ta auna. Kowanne daga cikin waɗannan yana da hujjar da za ta iya karewa, amma dukkansu ana yanke su ne bayan an ga sakamako, kuma abin da aka ce za a auna tun a takardar neman izini shi ne ya kamata ya zauna a gaba. Idan kika nuna ta da ƙarfe biyu na dare tana gwada cire mutum huɗu, tana kallon `p` yana hawa ya haye 0.05, sannan ta tsaya ta mayar da su, masana za su san kin san abin da kike rubutawa.

Abin da ya kamata ta yi a aikace ba shi da yawa, kuma jerinsa yana da muhimmanci. Ba za ta goge tsohon fayil ba, za ta ajiye shi yadda yake ta buɗe sabo mai kwanan wata, domin duk wanda zai bincika daga baya ya ga abin da ya faru. Za ta ɗauko fom 120 da takardar ƙuri'ar da aka raba mutane da ita, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, aikin da zai cinye mata yini, domin wanda ya sami kuskure ɗaya ba shi da hujjar ɗauka cewa shi kaɗai ne. Za ta duba ko ta juya wasu lambobin ta wannan hanya, kamar na jinsi ko na tambayoyin e da a'a. Kuma za ta sanar da malaminta da safiyar ranar, kafin ta gama duk wannan, a gajeren saƙo da ya faɗi abin da ya faru, yadda ta gano, jadawalin da da na yanzu, da abin da take kan dubawa. Ɗalibai sukan so su jira sai sun gyara komai sannan su yi magana, amma malamin ne yake da ikon neman ƙarin lokaci, kuma kwana huɗu sun fi masa amfani a kan kwana ɗaya.

Game da ko kwana biyar za su isa, za su isa da ƙyar, kuma yana da kyau ki san inda lokacin yake tafiya. Sake lissafin na mintuna ne. Babi na ɗaya zuwa na uku kusan ba za a taɓa su ba, tunda tambayar da hanyar binciken ba su canja ba. A babi na huɗu kowane jadawali da aka raba bisa rukuni sai an sake shi, har da na farko mai bayyana shekaru da jinsin mutanen. Babi na biyar ne zai rushe gaba ɗaya, domin shafuka ne da ta cika da bayanin dalilin da ya sa horonta ya yi aiki, tare da taƙaitawar da ke farkon kundin da shawarwarin da ke ƙarshensa. Karanta wa kanta waɗannan shafuka, inda ta kawo dalilai masu gamsarwa a kan abin da bai faru ba, wuri ne da zan so in gani a labarin.

Sabon babi na biyar ɗin yana da tambaya ta gaske a cikinsa. Me ya sa waɗanda aka koya wa suka fi dawowa? Mai yiwuwa sun koyi gane haɗari ne suka garzayo da ƙaramin miki, alhali sauran suna gida da mikin da ba su lura da shi ba, kuma idan haka ne ma'aunin da ta zaɓa ya haɗa dawowar da ake so da wadda ake gudu a ƙirga ɗaya. Mai yiwuwa kuma horon ya tsorata su ne ba tare da ya amfane su ba. Tana iya duba dalilin dawowar kowane ɗaya daga cikin mutum 35 ɗin ta faɗi abin da ta gani, amma dole ta rubuta cewa wannan dubawa ce ta bayan fage, ba abin da binciken ya tabbatar ba. Ki yi hattara a nan, Malama, domin ke ma jarabawa tana jiranki: kada ki ƙare labarin da cewa ashe horon nata ceton rai ya yi, kowa ya tafa mata. Bincike mai mutum 120 da bai tsara auna wannan ba ba zai iya wanke ta haka ba.

Idan kina son abin da ke kan mizani ya wuce makin jarrabawa, ki sa shugabar ɗakin jinyar ta riga ta ji sakamakon farko, har ta fara shirin sa duk ma'aikata su riƙa ba da horon daga wata mai zuwa. Yanzu yarinyar tana da mutum biyu da za ta fuskanta, kuma ta biyun ce za ta ci gaba da gani kullum a bakin aiki. Malamin ma zai so su sanar da kwamitin da ya ba da izinin binciken, tunda sakamakon ya shafi majinyatan da aka yi aikin a kansu. Shi malamin kada ki mayar da shi azzalumi ko waliyyi. Wanda na sani a zahiri yakan yi shiru na ɗan lokaci, domin shi ma ya karanta babi na uku da na huɗu bai ga 62 da 58 sun sauya wuri ba, sannan tambayarsa ta farko takan zama ko ta duba sauran lambobin.

Da ni ne mai rubutawa, zan tsayar da labarin kafin a san ko an ba ta ƙarin lokaci. Zan bar ta a ɗakin ajiyar takardu da safiyar ranar da ya rage kwana huɗu, saƙon ya riga ya tafi ba a amsa ba tukuna, tarin fom yana gefenta tana bi tana yi wa kowanne alama da biro, har ta iso kan na 47, inda ta ga lamba 1 da rubutun hannunta, da ɗan bayanin da ta ƙara a gefe wata shida da suka wuce cewa a riƙa ɗaga murya idan ana yi masa magana.